Kafin mu sa hannu: kashi 28 da ke cikin takardar tallan nan bai dace da alƙaluman da ke gefensa ba

Zuwa ga shugaba da 'yan kwamitin zuba jari na ƙungiyarmu ta gama kai, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, Malam Ma'aji, Hajiya Sakatariya da sauran 'yan kwamiti, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, Allah ya saka da alheri.

Na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda kuɗin da ake magana a kai na mutum sama da ɗari ne, kuma da yawansu ba su halarci taron da ya gabata ba. Wasu suna Rigasa, wasu suna Kawo, wasu sun koma ƙauyukansu tun da suka yi ritaya. Ya kamata su ga lissafin da idonsu, su gwada shi a wayoyinsu, kafin ranar da za a kaɗa ƙuri'a.

A wancan taro an raba mana takardar talla ta wani kamfanin sarrafa jari, mai sheƙi, mai hotuna. A shafi na biyu an rubuta cewa wanda ya zuba naira 1,000,000 a farkon Janairun 2019, kuɗinsa ya zama naira 2,400,000 a ƙarshen Disambar 2023. A gefe kuma, da manyan haruffa, an sa CAGR 28%. Waɗannan haruffa huɗu suna nufin ƙaruwar da jari ke yi kowace shekara idan an bar ribar a ciki, ita ma tana haifar wata ribar, wato riba kan riba. A kan wannan kashi 28 ne Malam Ma'aji ya yi mana lissafi a allo, cewa idan muka zuba naira miliyan 15 muka bar ta shekara biyar, za mu kwashi sama da miliyan 51. Jama'a suka yi kabbara, ni ma na ji daɗi tare da su. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da lissafi a sakandare, amma ranar ban ɗauki biro ba sai da na koma gida bayan isha'i. Da na gwada a wurin, da ban bar maganar ta kwana ba, kuma wannan sakacina ne.

Malam Ma'aji bai yi kuskure a nasa lissafin ba. Miliyan 15 a kan kashi 28, riba kan riba, shekara biyar, tana ba da naira miliyan 51 da dubu ɗari biyar da 'yan kai. Matsalar tana cikin kashi 28 ɗin da aka miƙa masa.

Gwajin ba shi da wuya, domin takardar da kanta ta ba mu duk abin da ake bukata: inda kuɗin ya fara, inda ya ƙare, da tsawon lokacin. Idan da gaske jarin ya riƙa ƙaruwa da kashi 28 cikin ɗari kowace shekara, to idan muka ɗauki miliyan ɗaya muka ƙara mata kashi 28 sau biyar a jere, dole mu sauka a kan 2,400,000 ko dab da ita. Ƙara kashi 28 daidai yake da ninkawa da 1.28. Ku ɗauki kalkuletar wayarku mu bi tare. Ƙarshen shekara ta farko, miliyan ɗaya ta zama 1,280,000. A shekara ta biyu wannan sabon adadin ne ake ninkawa, sai ya zama 1,638,400. Ta uku, 2,097,152. Ta huɗu, 2,684,355. Tun nan mun riga mun wuce 2,400,000 alhali da sauran shekara guda. Ta biyar kuwa, 3,435,974.

Takardar ta ce kuɗin ya ƙare a 2,400,000, kashi 28 kuma ya ce ya kamata ya ƙare a 3,435,974. Tsakaninsu akwai giɓin sama da naira miliyan ɗaya, wanda ya fi uwar kuɗin da aka fara da ita. Alƙaluman biyu ba za su zama gaskiya a lokaci guda ba.

Na daɗe ina juya takardar ina neman inda 28 ya fito, kuma na same shi. Daga miliyan ɗaya zuwa 2,400,000 an samu ƙarin 1,400,000, wato kashi 140 cikin ɗari na uwar kuɗi. Ka raba 140 gida biyar, ka samu 28 cif. Wanda ya tsara takardar ya ɗauki ribar shekara biyar gaba ɗaya ya raba ta daidai wa daida, sannan ya liƙa mata sunan riba kan riba. Wannan rabawar tana auna ribar kowace shekara da miliyan ɗayan farko kaɗai, kamar kuɗin bai taɓa girma ba. Amma a shekara ta huɗu ba miliyan ɗaya ke aiki ba, kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai ce. Ribar da aka samu da babban jari, idan ka auna ta da ƙaramin jarin farko, dole ta yi kama da ta fi ƙarfinta.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan. Mutum ya fara da tumaki goma, bayan shekara biyar yana da ashirin da huɗu. Idan ya ce garkensa na ƙaruwa da kusan tunkiya uku a shekara, bai yi ƙarya ba. Amma 'ya'yan da aka haifa a shekarar farko su ma sun haihu daga baya, saboda haka uku a cikin garken goma da uku a cikin garken ashirin ba ƙwazo ɗaya ba ne. Na kawo wannan ne kuma don 'yan'uwanmu da suke ɗari-ɗari da jin kalmar riba kan riba, suna tsammanin maganar kuɗin ruwa ce. Awo ne kawai na yadda abu ke girma, ko garke ne, ko shago a Kasuwar Barci, ko hannun jari. Halaccin abin da kamfanin ke yi da kuɗin tambaya ce daban, kuma malamai ne za su amsa ta.

Akwai inda rabawar take daidai, kuma adalci ne in faɗa. Da a ce kamfanin yana miƙa wa mai jari naira 280,000 a hannu kowace shekara, a ƙarshe ya mayar masa da miliyan ɗayarsa, to kashi 28 a shekara gaskiya ne, domin uwar kuɗin ba ta canza ba, ribar kuma tana fita. Haka sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, yake tafiya. Na farkon da aka fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya biya kashi 16.47 a shekara, ana ba mai shi kuɗin haya sau biyu a shekara, uwar kuɗin tana nan yadda take har wa'adin shekara bakwai ya cika. Amma takardar da ke gabanmu ba haka ta ce ba. Ta ce kuɗin ya zauna a asusu, ba a taɓa shi ba, har ya zama 2,400,000. Wanda ya jira shekara biyar kafin ya ga sisi, da wanda ke karɓar 280,000 duk shekara yana juya ta a wani wuri, ba su samu abu ɗaya ba, ko da jimillar ta zo daidai a takarda.

To nawa ne ainihin adadin? Ana iya lalubo shi ba tare da wata dabara ba. Gwada kashi 20: ninka miliyan ɗaya da 1.20 sau biyar, za ka samu 2,488,320, ya ɗan zarce. Gwada kashi 19: ninka da 1.19 sau biyar, za ka samu 2,386,354, ya ɗan gaza. Ashe amsar tana tsakanin 19 da 20, kuma ta fi kusa da 19. Mai kwamfuta, kamar Hajiya Sakatariya da ke riƙe mana rajista a Excel, layi biyu sun ishe ta. Na farko yana fitar da ainihin ƙaruwar shekara, na biyu yana gwada abin da takardar ta yi iƙirari:

```
=(2400000/1000000)^(1/5)-1
=1000000*1.28^5
```

Layin farko zai ba da 0.191 da 'yan kai, wato kashi 19.1 cikin ɗari a shekara. Wannan shi ne adadin da ya dace da farkon kuɗin da ƙarshensa. Idan muka ɗora shi a kan miliyan 15 ɗinmu, ko da komai ya maimaita kansa yadda ya faru a baya, abin da za mu samu miliyan 36 ne. Bambancinsa da abin da aka rubuta a allo ya haura miliyan 15. Akwai waɗanda tun daga ranar suka fara ƙidaya rabonsu a zuci, wani na tunanin kujerar Makka, wata na tunanin kayan ɗakin 'yarta. Gara a gyara musu lissafin yanzu, da bakinku.

Na yi ƙoƙarin nema wa kamfanin uzuri ta wajen ƙidayar shekaru, domin nan ma wuri ne da ake yawan tuntuɓe. Idan aka ce “daga 2019 zuwa 2023”, shekara nawa ke nan? Ya danganta da ranar da aka ɗauki kowane adadi. Daga farkon Janairun 2019 zuwa ƙarshen Disambar 2023 shekara biyar ce cikakkiya. Amma idan adadin farko na ƙarshen 2019 ne, to shekara huɗu ce kawai, duk da sunayen shekaru biyar ne a jere. Ka dubi hannunka: yatsu biyar ne, amma tsakaninsu huɗu, kuma girma a tsakanin yake faruwa. Sai na ce bari in ɗauka an yi kuskuren buga kwanan wata, shekarun huɗu ne. Na sauya 5 da 4 a layin farko, ya ba ni kashi 24.5. Har yanzu bai kai 28 ba. Kafin kashi 28 ya zama gaskiya a kan waɗannan alƙaluma, sai lokacin ya kasance kimanin shekara uku da rabi, kuma babu yadda za a karanta takardar a samu hakan. Ku lura dai da yadda shekara ɗaya tak ta ɗaga adadin daga 19.1 zuwa 24.5. Shi ya sa duk takardar da ta kawo shekaru ba tare da rana da wata ba, ba za a iya gwada ta ba sai an nemi cikakken kwanan watan.

Akwai kuma gwajin da ake yi da ka, a tsakiyar taro, ba tare da waya ba. Ka raba 72 da kashin da aka ambata, zai nuna maka kusan shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka kansa. Awo ne na kintace, yana ɗan kaucewa idan kashin ya yi yawa, amma ya isa ya tayar da mutum. 72 a raba da 28 bai kai uku ba. Ke nan a ƙasa da shekara uku miliyan ɗaya ta zama biyu, kuma kafin shekara ta biyar ta kama hanyar huɗu. Wanda ya ga 2,400,000 a ƙarshe ya san nan take cewa da sauran magana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, fiye ma da kuskuren 28. Wani zai ce, to ai kashi 19.1 ma ba laifi, ina ka taɓa samun haka a ajiyar banki? Amma naira miliyan ɗaya ta Janairun 2019 da ta Disambar 2023 ba ƙarfinsu ɗaya ba a kasuwa, kuma duk mai cefane a Kasuwar Gumi shaida ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da hauhawar farashi, kuma alƙalumanta na watan Disamba, idan aka kwatanta da Disambar da ta gabace shi, su ne kashi 11.98 a 2019, 15.75 a 2020, 15.63 a 2021, 21.34 a 2022, sai 28.92 a 2023. Tsadar kaya ma hawa kan hawa take yi, tsadar bana tana ɗoruwa ne a kan ta bara, saboda haka ninka su ake yi a jere kamar yadda muka yi a sama. Idan ka ninka 1.1198 da 1.1575 da 1.1563 da 1.2134 da 1.2892, za ka samu kusan 2.34.

Ma'anar wannan ita ce kayan da miliyan ɗaya ta saya a farkon 2019, sai ka riƙe kimanin naira 2,344,000 kafin ka saye su a ƙarshen 2023. Mai jarin da ke cikin takardar ya fita da 2,400,000. Abin da ya ƙaru masa na haƙiƙa, bayan haƙurin shekara biyar, bai kai naira dubu sittin ba. Ban raina wannan ba. Wanda ya ɓoye miliyan ɗayarsa a akwati a waɗannan shekaru ya yi asarar fiye da rabin ƙarfinta, don haka jarin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da tsadar kaya ya yi aiki. Amma aikin da ya yi shi ne tsare darajar kuɗi, kuma da wannan sunan ya kamata a gabatar da shi ga mambobi.

Shi kansa 2,400,000 ɗin, takardar ba ta faɗi ko kafin a cire kuɗin gudanarwa ba ne ko bayan an cire. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce idan rata ta yi siriri haka. A ce kamfani yana cire kashi 2 cikin ɗari na abin da ke asusu kowace shekara, kuma ba a cire shi a adadin da aka buga ba. Sai a ninka 2,400,000 da 0.98 sau biyar, a samu kusan 2,169,000, wanda ya faɗo ƙasa da 2,344,000 da tsadar kaya ta nema. Kashi 2 misali ne na kawo, ainihin adadin sai sun faɗa mana a rubuce.

Ko ingantaccen adadin, 19.1, yana da iyaka da ya kamata mu sani. Maki biyu kaɗai yake kallo, farko da ƙarshe, ba ruwansa da abin da ya faru a tsakani. Ba ya nufin an samu kashi 19.1 a kowace shekara. Ma'aunin hannayen jari na kasuwar Legas ya faɗi da kusan kashi 15 a 2019, ya tashi da kashi 50 a 2020, ya kuma tashi da kusan kashi 46 a 2023. Asusun da ke da hannayen jari a ciki ba zai rasa irin wannan hawa da sauka ba. Mu kuwa ƙungiya ce da mamba kan zo neman kuɗinsa ba shiri, saboda rashin lafiya ko rasuwa ko kuɗin makaranta. Wanda larura ta kama a shekarar faɗuwa, abin da ke asusu ranar zai karɓa. Saboda haka muna bukatar ganin darajar jarin a ƙarshen kowace shekara daga cikin biyar ɗin. Idan sun kawo ribar shekara-shekara, kada a yarda a tara su a raba biyar, domin tarkon ɗaya ne da na farko. Miliyan ɗaya da ta tashi da kashi 100 ta zama biyu, sannan ta faɗi da kashi 50 ta koma ɗaya, idan ka tara ka raba biyu za ka ce an ci kashi 25 a shekara, alhali mai kuɗin bai ƙaru da ko kwabo ba.

A shafin ƙarshe na takardar an kuma yi alfahari da yadda jimillar kuɗin da kamfanin ke riƙewa ta ninka sau da yawa. Wannan yana nuna sababbin mutane sun kawo kuɗinsu ne, bai shafi ribar da mai miliyan ɗaya ya samu ba, don haka kada ya shiga lissafinmu.

Ranka ya daɗe, ban ce kamfanin nan na damfara ba ne. Mai yiwuwa wani ma'aikacin sashen talla ne ya raba 140 da biyar ya ga ya yi kyau, babu wanda ya duba bayansa. Amma sana'arsu ke nan, lissafin kuɗin mutane, kuma adadin da suka fi ƙawatawa a takardarsu shi ne ya kasa tsayawa. Yadda za su amsa idan aka nuna musu zai gaya mana abubuwa da yawa game da su. Mai gaskiya zai ce an yi kuskure, ya gyara, ya kawo takardun odita. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce lissafin na ƙwararru ne ba za mu gane ba, ko ya matsa mana da cewa ƙofa za ta rufe ranar Juma'a, to cinikin biri a sama yake so mu yi, kuma da kuɗin marayu da 'yan fansho.

Roƙona gare ku shi ne a ɗage ƙuri'ar zuwa taro na gaba. Kafin nan, kwamiti ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, ya nemi ranar farko da ranar ƙarshe na alƙaluman da suka buga, da darajar jarin a ƙarshen kowace shekara, da bayanin ko an cire kuɗin gudanarwa da duk wata la'ada, sannan su nuna a rubuce yadda suka samu 28. A kuma duba ko kamfanin da shi kansa asusun suna da rajista da hukumar SEC, wadda ke sa ido kan masu sarrafa jarin jama'a, domin tana wallafa sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. Sannan ina roƙon Malam Ma'aji, da girmamawa, ya sake tsayawa gaban allo ya goge miliyan 51 ya rubuta 36, ya kuma bayyana wa jama'a cewa ita ma 36 ɗin abin da ya faru a baya ne aka ɗora a kan gaba, babu wanda ya yi mana alkawarinta.

Idan kwamiti ya amince, zan zo rabin sa'a kafin taron da alli da kwafin takardar, duk mai son ya bi lissafin nan layi-layi a wayarsa mu zauna tare. Wanda kuma ya ga inda na yi kuskure, don Allah ya nuna mini a gaban kowa, zan karɓa.

Wassalam.

Naku,
ɗan ƙungiya, malamin lissafi mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.